Sunan Daidai Ƙafa

Ni dai tun ina ƙarami ƙafata ke ba ni kunya. Faɗi gare ta kamar faranti, ga ƙashin babban yatsa ya turo waje kamar mai leƙen maƙwabta. Duk takalmin da na saya a kasuwa sai ya cije ni. Wannan ƙafa ce ta kai ni wurin mutumin da zan ba ku labarinsa, don haka ku yi mini haƙuri da na fara da ita.

Shagonsa yana ƙarshen layin masu gyaran waya, daf da mai walda. Ɗaki ɗaya ne, ƙofarsa ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa. Kana shiga warin gam da na fata zai tare ka. Akwai benci na baƙi, da keken ɗinki da ya girmi wasu daga cikin masu zama a bencin, da kanta cike da ƙafafun katako, kowace da alamar mai ita. Ba ya ɗinka wa masu lafiyayyar ƙafa, sai dai in sun matsa. Mutanensa su ne irina: mai faɗin ƙafa, mai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, tsohuwar da idon sawunta ke kumbura, da masu ciwon suga waɗanda ɗan ƙurjewa kaɗan kan zame musu babban ciwo.

Zai sa ka tsaya a kan kwali, ya durƙusa ya zagaye ƙafarka da fensir, ya auna dunduniya da saman ƙafa da tef. Ranar da ka zo karɓa, ba za ka tafi ba sai ka yi ta kai da komowa a gaban shagon yana kallon yadda kake taka ƙasa.

"Daidai?" zai tambaya.

In ka ce "Ba laifi," sai ya miƙo hannu. "Cire. Ni ba na ɗinka ba laifi."

Sai ka ce "Daidai ƙafa" sannan zai karɓi kuɗinka. Daga nan sunan ya samo asali. Abokan cinikinsa suka fara, masu gyaran waya suka ɗauka, har mai rubutun allo ya rubuta masa shi da jan fenti a saman ƙofa. Ni kaina na fi shekara goma ina zuwa kafin in san sunansa na yanka, kuma ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, domin ba wanda ke amfani da shi.

Tun yana saurayi ya koyi sana'ar a hannun wani dattijo mai zafin rai. Ya yi aure, Allah ya ba su tagwaye mata, sai ake ce wa matar Maman 'Yan Biyu. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma rabin masu ciwon sugan da ke zama a bencinsa ita ke turo su. Ba su yi arziki ba, ba su kuma roƙi kowa ba.

Matar tana da ƙane, autansu, wanda ake kira Injiniya. Bai taɓa karanta injiniyanci ba. Yana aiki ne a wani shagon kwamfuta, yana gyaran firinta, yana cike wa mutane abubuwa a intanet. Magidanci ne da 'ya'yansa, mai fara'a, mai saurin baki, kuma shi da mijin yayarsa ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Yaya, har yanzu kana nan kana shinshinar ƙafafun jama'a?"

"Ina nan. Kai fa, har yanzu kana hura wa firinta iska kana cewa ka gyara?"

Injiniya ne ya kawo maganar shagon intanet. Ya ce masu irin waɗannan ƙafafu sun cika duniya, suna can garuruwa masu nisa suna ɗingishi, ba su san akwai wani Daidai Ƙafa ba. Ya ce akwai kamfanonin da ke ba da hayar shago a intanet: su ke riƙe da ginin, su ke gadi, kai dai ka biya kuɗin wata ka jera kayanka. Maman 'Yan Biyu ta goyi bayan ƙanenta. Yaran sun kusa shiga babbar makaranta, in ji ta, bencin nan kuma mutum huɗu kawai yake ɗauka.

Ina shagon ranar da aka fara, na kawo gyaran tafin takalmi. Injiniya ya ture gwangwanin gam, ya ɗora kwamfutarsa a kan teburin yanka. Abu na farko da shafin ya nema shi ne imel.

"Yaya, imel ɗinka?"

Daidai Ƙafa yana da shi, wanda mai sayar da waya ya buɗe masa ranar da ya sayi wayar. Amma kalmar sirrin ta tafi tare da mai sayar da wayar, wanda ya tashi daga layin tuntuni. Suka gwada sunayen tagwaye, suka gwada lambar waya. Bai buɗe ba.

"To sa naka mana," in ji shi, basilla a bakinsa. "Ni me zan yi da imel? Wa zai rubuto mini?"

Injiniya ya sa nasa. Ban ga wata mugunta a fuskarsa ba, kuma har yau ban yarda ya shigo da ita ba. Aka zo biyan hayar watan farko, katin Daidai Ƙafa ya ƙi, don bankinsa bai buɗe masa sayayyar intanet ba. Injiniya ya zaro nasa. Aka zo sayen sunan adireshi, wato abin da mutum zai rubuta a wayarsa ya faɗo shagon, wanda masu sana'ar ke kira domen. Shi ma haya ce, shekara-shekara ake sabunta ta, kuma ana rubuta sunan mai riƙe da ita. Tunda katin Injiniya ke biya, imel ɗinsa ke buɗe, sunansa ya hau. Ba wanda ya tsaya a kan wannan. Abin da aka tsaya a kai daban ne.

"Ina lanƙwasar ƙ ɗina?" in ji Daidai Ƙafa, yana nuna allon kwamfutar da basilla. "Nan ai daidaikafa ka rubuta. Kafa ai rami ne. Ni rami nake ɗinkawa?"

"Yaya, ko an yarda an sa mata ƙugiyar, wa zai iya bugawa a wayarsa? Mutane sai su ɓata a hanya."

"Wato da kuɗina a yanke mini ƙafa."

"Da kuɗina dai, tukuna."

Muka yi dariya har mai walda ya leƙo.

An ɗauki makonni ana aikin. Injiniya ya haɗa adireshin da shagon, aka jira har ya kama, ɗan hoton kwaɗo ya fito a gefensa, alamar hanya a tsare take. Ya shimfiɗa farin yadi a bakin ƙofa inda haske ya fi kyau, ya ɗauki kowane takalmi hoto ta gaba, ta gefe, ta ƙasa. Kowanne ya samu shafinsa: suna, farashi, launin fata, da bayani. Da yake aikin na awo ne, ya sa wurin da mai saye zai ɗora hoton zanen ƙafarsa a takarda, da rula a gefe don a gane girman. Daidai Ƙafa ne ya faɗi yadda za a yi zanen, a tsaye ba a zaune ba, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta na yini. Injiniya ya rubuta. Ya shirya wurin biya, inda mutum zai sa adireshinsa da lambar waya, ya ga kuɗin aike kafin ya danna. A gaskiya ya yi aiki, kuma ba a biya shi ba.

Sai aka zo kan kamfanin karɓar kuɗi, wanda ke tsayawa tsakanin katin mai saye da bankin mai shago, ya cire ɗan kasonsa ya tura saura. A nan ne Daidai Ƙafa ya ajiye basilla ya gyara zama.

"Wannan kam da sunana. Katin shaidata, asusuna."

"Haba Yaya, ni zan cinye maka?"

"Ban ce ba. Amma ubangidana mutum goma na aiki a ƙarƙashinsa, bai taɓa ba wa kowa makullin aljihun tebur ba. Allo, keke, fata, kowa na taɓawa. Aljihun tebur shi ne shagon."

Haka aka yi. Kamfanin ya karɓi takardunsa, ya duba shagon, ya dawo da su: babu shafukan ƙa'idoji. Sai an rubuta yadda ake mayar da kaya, yadda ake aikewa, me ake yi da bayanan mutane, da kuma inda za a sami mai shagon. Daidai Ƙafa ya ce shi ƙa'idarsa ɗaya ce, in bai yi daidai ba a dawo da shi ya gyara ko ya sake. Injiniya ya faɗaɗa wannan ya cika shafi, ya sa adireshin shagon na ƙarshen layi a matsayin inda za a mayar da kaya. A shafin labarin shago kuma ya sa hoton ƙofar shagon, da na hannuwan Daidai Ƙafa riƙe da fensir a gefen wata ƙafa. Tawa ce, in kuna son sani. Kamfanin ya amince. Suka yi gwaji da lambar katin ƙarya da kamfanin ke bayarwa, suka ga oda ta shigo, sannan aka kashe gwajin aka buɗe na gaske.

Daga ƙarshe Injiniya ya buɗe wa yayan nasa sabon imel, ya tura masa gayyata, ya sa masa manhajar shagon a waya don ya riƙa ganin oda. A ƙarƙashin sunansa akwai wata 'yar kalmar Turanci.

"Wannan fa?"

"Shigarka ke nan, Yaya. Kana ciki."

Shekara biyu abin ya tafi lafiya. Wayar za ta yi ƙara, ya goge hannu a riga ya duba, ga zanen ƙafar wani daga garin da bai taɓa zuwa ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu kuɗin ya shigo asusunsa. Mutane suka riƙa rubuta yabo a ƙasan shafuka. Wata ta ce mahaifinta ya koma fita da ƙafarsa. Maman 'Yan Biyu ta karanta masa wannan sau uku, yana cewa "Kai, ku bar ni," yana ƙara matso da kunne. Yana ba Injiniya wani abu duk wata, ba a yanka nawa ba, ba a rubuta ba, wani watan da yawa, wani watan a manta. Injiniya kuma shi ke amsa saƙonni, shi ke kai kaya tashar aike, shi ke shan zagi in kaya sun makara.

Matsalar ita ce hannu biyu ne kawai. Oda ta fi ƙarfinsa, jira ya kai wata biyu, wasu suka riƙa shigowa shagon suna fita ba su saya ba. Injiniya yana ganin adadinsu a kwamfutarsa, abin na ci masa rai.

"Yaya, mutane na zuwa da kuɗi a hannu suna komawa. Na samo dillalin takalman kamfani, masu faɗi, masu laushi. Mu jera su a gefe. Wanda ba zai iya jira ba ya ɗauka."

"Ka auna ƙafar wa?"

"Akwai lamba. Duniya duk da lamba take saye."

"Waɗanda lamba ta yi musu ba sa zuwa wurina. Bar maganar."

Injiniya ya bar maganar, bai bar aikin ba. Wata rana kuɗi suka fara shigowa asusun Daidai Ƙafa na odar da bai ɗinka ba. Ya buɗe shagon a waya ya ga sababbin shafuka, takalman roba da fatar bogi, a jere tsakanin nasa, ƙarƙashin sunansa, ƙarƙashin yabon da aka yi wa hannunsa. Ya kira Injiniya shago.

"Sauke su."

"Yaya, ka duba abin da suka kawo a mako ɗaya."

"Na ce ka sauke su."

"Ni ma ina da iyali. Shekara biyu ina wannan wahala. Wa ya gina shagon? Wa ke biyan haya da katinsa in ka manta?"

"Ka gina, na gode. Amma sunana ne a kai."

"Ba zan sauke ba."

Daidai Ƙafa ya yi murmushi, irin na wanda ya san makulli na aljihunsa. "To shi ke nan. Kuɗin robobin nan asusuna suke shigowa. Ko sisi ba za ka gani ba sai ka sauke. In ga da me za ka biya dillalin naka."

Injiniya ya dube shi, ya rufe kwamfutarsa, ya fita bai yi sallama ba.

Abin da Daidai Ƙafa bai sani ba shi ne, aljihun teburin da ya riƙe da hannu biyu, a shagon intanet jona shi ake yi, kuma ana cire shi. Injiniya ya je ya buɗe nasa asusun a kamfanin karɓar kuɗi da takardunsa. Shago yana nan, shafukan ƙa'idoji suna nan, adireshi da sunansa, ba a ba shi wahala ba. Ya shiga saitin biya, ya cire na yayansa ya jona nasa. Sannan ya shiga jerin mutanen shagon ya goge suna ɗaya. Wayar Daidai Ƙafa ta daina ƙara. Ya buɗe manhajar, ta ce ba shi da izinin shiga. Ya ɗauka lalacewa ta yi, har ya kai wa masu gyaran waya.

Ni na raka shi wurin wata mata da ke haɗa wa mutane irin waɗannan shaguna, a saman wani kantin magani. Kowa Mai Kwamfuta yake ce mata. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba, sannan ta nemi ganin tsohuwar gayyatar da aka turo masa.

"Baba, ka san me wannan kalmar take nufi?"

"Ya ce shigata ce."

"Ma'aikaci take nufi."

Ya kalle ni kamar ni na rubuta.

"A wurin kamfanin nan," in ji ta, "mai shago mutum ɗaya ne, wanda ya buɗe da imel ɗinsa. Shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke sallamarsu. Shi kaɗai zai iya miƙa shagon ga wani."

"'Yata, kuɗin fa asusuna suke shiga. Shekara biyu. Ga saƙonnin banki."

"Na gani. Wannan zai nuna an biya ka. Ba zai nuna shagon naka ba ne. Adireshin intanet ɗin fa, wa ya saya?"

"Shi."

"Ka yi wa sunan rajista a hukuma? Ko na kasuwanci, ko na tambari?"

"Rajista? Ki fita layin nan ki tambayi ko yaro ne, waye Daidai Ƙafa."

"Na yarda, Baba. Ni ma innata takalminka take sawa. Amma kamfanin ba zai zo layinku ba."

Duk da haka ta rubuta musu, ta haɗa da hoton allon shagon da na bencin. Amsa ta zo da ladabi mai yawa: suna baƙin cikin jin haka, amma ba sa shiga tsakanin mutane a rigimar mallaka, sai dai mai asusun ya nema da kansa ko a kawo umarnin kotu. Ya ce to a sa su cire hoton hannunsa. Ta ce za a iya nema, amma wanda ya ɗauki hoton zai ce nasa ne. Ta ce akwai hanyar lauya, kuma mai yiwuwa ya yi nasara tunda ya daɗe da sunan kuma yana da shaidu, sai dai hanyar doguwa ce, mai tsada, kuma ƙanen matarsa zai kai ƙara. Ko kuma ta gina masa sabon shago, komai da sunansa tun daga imel, a sayi adireshi mai kama da wancan, a ƙara masa "na asali" a ƙarshe.

"Ni zan tsaya ina rantsuwa cewa ni ne ni?" ya ce. Ya miƙe, ya yi mata godiya, muka sauko.

Kuɗin robobin da ya riƙe, ya ba matarsa ta kai wa ƙanenta, bai rage komai ba. Odar awo da ya riga ya karɓa, ya ɗinka ya aika da kansa. Ya zaci daga nan an rabu ke nan.

Sai kwalaye suka fara zuwa. Shafin mayar da kaya yana nan yadda aka rubuta shi, da alkawarinsa, da adireshin ƙarshen layi. Duk wanda takalmin roba ya cije shi a wani gari, sai ya naɗe ya aiko wa Daidai Ƙafa. Suka taru a ƙarƙashin benci. Wasu da wasiƙar zagi a ciki. Waɗanda ke kusa kuma da kansu suke zuwa.

Ina nan ranar da wata mata ta zo da mahaifinta a bayan mota. Ba ta shigo ba, a ƙofa ta tsaya da takalmin a hannu.

"Kai ne Daidai Ƙafa?"

"Ni ne."

"Fito ka ga aikinka."

Ya fita. Dattijon mai ciwon suga ne, ƙafar ba ta jin zafi, bai san takalmin na cin dunduniyarsa ba sai da safa ta jiƙe. An naɗe wurin da bandeji. Daidai Ƙafa ya karɓi takalmin ya sa yatsa a ciki, ya ji ɗinkin da ya yi tudu daidai inda bai kamata ba.

"Hajiya, ba ni na ɗinka wannan ba."

Ta zaro waya ta nuna masa. "Wannan ba sunanka ba ne? Wannan ba ƙofarka ba ce? Waɗannan ba hannuwanka ba ne? Ga tabon nan a babban yatsa, ina kallonsa."

Masu gyaran waya duk sun fito. Ya buɗe baki zai yi bayanin imel da ma'aikaci da aljihun tebur, sai ya ga babu yadda za a faɗi wannan a bakin titi a gaban ƙafar da ke zubar da ruwa. Ya durƙusa ya ce a bar shi ya auna dattijon, in ciwon ya warke ya ɗinka masa kyauta. Matar ta ja ƙofar mota. "Ka taɓa shi sau ɗaya, ya isa."

Maman 'Yan Biyu ce ta kai maganar gaban mahaifiyarsu. Aka zauna a falon tsohuwar, fanka na juyawa, talabijin a kunne ba murya. Maman 'Yan Biyun ce ta ba ni labarin zaman daga baya, tana yi tana murza zoben hannunta.

Injiniya ya zo da sabuwar riga, ya durƙusa ya gaida kowa, har da yayan nasa. Ya ce shi bai ƙwace komai ba. Ya ce da aka riƙe masa kuɗi, dillali na binsa, me ake so ya yi? Ya ce adireshin mayar da kaya zai cire shi yau, mantuwa ce. Ya ce kuma a shirye yake ya riƙa ba Yaya wani kaso duk wata saboda sunan.

"Ka ji," in ji tsohuwar. "Auta ya yi hankali. Ai duk gida ne. In ya samu, 'yan biyu sun samu."

"Inna, ba kaso nake nema ba. Ya sauke sunan. Ya sa nasa. Ya sa Injiniya, ya sa duk abin da yake so."

"Yaya, in na canja sunan adireshin intanet, shagon ya mutu. Duk wanda ya sani, da wannan ya sani. Yabon mutane, tallar da na biya, duk a kansa suke."

"Yabon wa?"

Injiniya ya ce, "Ko ka dawo. Wallahi yanzu zan mayar da kai ciki. Ka riƙa naka na awo, ina nawa."

"A matsayin me?"

"Yadda kake da."

Tsohuwar ta ce ita fa ba ta gane ba. Suna ai ba gona ba ne, ba ya ƙarewa don mutum biyu sun ci. Ta juya kan 'yarta ta ce ta yi wa mijinta magana, kada a ji su a kotu, ita ba za ta ga 'ya'yanta a gaban alƙali tana raye ba. Maman 'Yan Biyu ta ce ta kalli ƙanenta, wanda ta goya, ta kalli mijinta. Mijin ne ya sauƙaƙa mata. Ya ce, "Inna, ba za a ji mu ba." Ya sa takalminsa ya fita.

Injiniya ya cika alkawarin cire adireshin mayar da kaya, kwalaye suka daina zuwa. Amma mutane ba su daina ba. Wanda ya ji haushi zai yi tambaya, a nuna masa ƙarshen layi, ya ɗaga kai ya ga jan fenti. Tsofaffin abokan ciniki kuma, waɗanda suka ƙaura, suna tura 'yan'uwansu shagon intanet da zuciya ɗaya, suna cewa ku saya, mutumin kirki ne, mun san shi. Daidai Ƙafa ya liƙa takarda a ƙofa cewa ba shi da alaƙa da wancan shago. Wani ya karanta ya ce masa, "To kai ne na bogin ke nan?" Matarsa ta daina faɗin sunan a asibiti, don in ta faɗa, majinyaci waya yake ɗauka ya nema. Sai ta koma kwatance: ƙarshen layin masu gyaran waya, kusa da mai walda.

Wata safiya ya ari tsani wurin mai walda. Mai walda ya ce, "Bari in hau maka, gwiwarka." Ya ce a'a. Ya hau da kansa, ya zare ƙusoshin, ya sauko da allon. Katako ne mai kyau, bai yar ba. Ya kife shi ya mayar da shi kanta, ya jera gwangwanayen gam a kai.

Shagon intanet yana nan har yau, an ce ma ya ƙara girma, har da jakunkuna. Injiniya ya bar gyaran firinta. Yana zuwa gidan yayarsa in ya tabbatar maigidan na shago, ya kawo wa tagwaye tsaraba, su karɓa suna kallon ƙasa. Maigidan kuwa yana ɗakin shagonsa yana durƙusa wa ƙafafun mutane. Gwiwar ta fara ba shi wahala, sai ya dafa benci yake tashi. Har yanzu yana sa mutum ya yi tafiya a gaban shago, yana kallo. In ya gamsu sai ya gyaɗa kai ya karɓi kuɗinsa, ba ya tambayar komai.

Kwanan baya ina zaune wani mutum ya leƙo, yana jan ƙafa ɗaya, yana duba saman ƙofa yana duba wayarsa.

"Don Allah, nan ne wurin Daidai Ƙafa?"

Bai ɗago daga keken ba.

"A'a," ya ce. "Mai takalmi ne. In awo ka zo, zauna ka cire safa."